Yadda ake haɗa kwamfutar cinya da tele da igiyar HDMI, da zaɓar mashigar da ta dace

Tambayar da aka fi aiko wa a kan wannan aiki ita ce: "Na sa igiya, amma tele ta ce babu komai, me ya lalace?" Galibi ba abin da ya lalace. Igiyar tana cikin rami na biyu, tele kuma tana can tana kallon rami na ɗaya inda dekodar take. Tele ba ta nuna duk abin da aka soka mata lokaci guda, mashiga ɗaya take kallo, sai wadda ka nuna mata da telekomandi. Ga matakan bi da bi, daga duba ramuka har fitar da sauti. An rubuta sunayen da ke fitowa a allo da Faransanci da Ingilishi duka, tunda a Maradi kwamfutocin da ke hannun mutane iri biyu ne: masu Windows ta Faransanci da waɗanda suka shigo ta Jibiya da Ingilishi.

1. Duba ramukan kafin ka je kasuwa

Juya kwamfutar ka duba gefenta na hagu da na dama. Ramin HDMI ya ɗan fi na USB faɗi, kusurwoyinsa biyu na ƙasa a yanke suke, kuma yawanci an rubuta HDMI a kusa da shi. Idan ka gan shi, aiki ya zo da sauƙi, igiya mai kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu kawai kake bukata.

Idan ba ka gan shi ba, galibi ɗaya daga cikin uku ne. Wasu ƙananan kwamfutoci suna da ƙaramin HDMI, wanda ake kira mini ko micro, sai a sayi igiya mai ƙaramin kai a gefe ɗaya da babba a ɗayan. Sababbi sirara da yawa ramin USB-C kawai gare su, sai da adafta. Tsofaffi kuma suna da VGA, shuɗin ramin nan mai huda 15.

Hattara da USB-C: ba kowane ne ke fitar da hoto ba. Wasu caji da ɗaukar fayil kawai suke yi. Nemi alamar walƙiya ko harafin D mai P a ciki kusa da ramin. Idan babu alama, kada ka biya kuɗin adafta sai an gwada a gabanka.

Na VGA ya fi rigima. VGA ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, kuma irin siginar da yake fitarwa daban take da ta HDMI, don haka igiya zalla ba ta isa ba, sai ƙaramin akwatin da ke juya siginar. Akwatin nan hanya ɗaya yake aiki. Wanda ya fi yawa a shaguna shi ne mai karɓa daga HDMI ya fitar da VGA, na haɗa sabuwar kwamfuta da tsohon majigi. Kai akasinsa kake so: VGA ya shiga, HDMI ya fita. Za ka gane shi da ƴan wayoyi biyu da ke lilo a jikinsa, ɗaya ta USB don ya samu wuta, ɗaya ta ramin abin sauraro don sauti. Mutane da yawa sun sayo na farkon sun kai gida sun yi ta zargin tele.

Sai ka leƙa bayan tele. Ƙirga ramukan HDMI, ka karanta lambar da ke jikin kowane: HDMI 1, HDMI 2, wani lokaci HDMI 3. Wasu suna baya suna fuskantar bango, wasu a gefe. Idan telen tana rataye, haska da fitilar waya ka ɗauki hoto, ya fi ka yi ta lalube.

2. Sayen igiya

Auna tazarar da ke tsakanin inda kwamfutar za ta zauna da bayan tele, ka ƙara rabin mita don kada igiyar ta kasance a ɗaure. A ɗaki, mita ɗaya da rabi zuwa uku ya wadatar. Har zuwa mita biyar igiya ta yau da kullum ba ta ba da matsala. Daga mita goma zuwa sama ne ingancinta ke fara nuna kansa, idan kuma aka wuce sha biyar, kamar a babban zauren taro, sai an nemi wadda ke da abin ƙara ƙarfin sigina.

Game da kuɗi: gajeriyar igiya ƴan jikkuna kaɗan ne a shagunan kayan lantarki na babbar kasuwa, kuma kuɗin yana hawa ne da tsawo. Adaftar USB-C da akwatin VGA sun fi igiyar tsada. Kada a ruɗe ka da kai mai ruwan zinariya. Siginar HDMI ta lambobi ce, igiyar da ta isar da ita daidai ta isar, mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. Abin dubawa shi ne kaurin igiyar da ƙarfin wuyanta, wato inda kai ya haɗu da jiki, domin nan take fara karyewa. Wadda aka rubuta wa High Speed ta isa hoton 1920 x 1080 a sauƙaƙe. Mai tele 4K da ke son hoto ya tafi sumul ya nemi Premium High Speed.

Ka tafi da kwamfutarka shagon. Mafi yawan masu sayarwa suna da tele a kunne, minti biyu ya isa a gwada. Gwajin nan yana da amfani biyu: ka tabbatar da igiyar, ka kuma tabbatar ramin kwamfutarka yana da rai, musamman idan kwamfutar ba sabuwa ka saye ta ba.

3. Soka igiyar

An ƙera HDMI yadda za a iya soka shi kayan suna kunne, kuma a inda wuta ke da kyakkyawan tsari haka ake yi. Amma gidaje da yawa a nan babu wayar ƙasa a soket ɗinsu, ga tele a haɗe da dekodar, dekodar a haɗe da kwanon tauraron ɗan'adam a kan rufi. Idan ka taɓa ƙarfen bayan tele ka ji tana ɗan cizo, akwai wutar da ke yawo a jikinta. Wannan wutar ce ke tartsatsi lokacin da kan igiya ya taɓa rami, kuma tana iya ƙone ramin HDMI na tele ko na kwamfuta. Don haka tsarin da ya fi aminci shi ne:

Kashe tele ka zare ta daga soket. Cire cajar kwamfuta, ta zauna a kan batirinta. Soka kai ɗaya a tele, ɗayan a kwamfuta. Sannan ka mayar da wutar tele, ka kunna, daga baya ka mayar da caja.

Kan igiyar fuska ɗaya yake shiga. Idan ya ƙi, juya shi, kada ka danna da ƙarfi. A cikinsa akwai siraran ƙarafa 19, ɗaya ya lanƙwashe igiyar ta tashi aiki. Ya shige har ƙarshe, ba a ganin ƙarfen kan sosai a waje. Ramin da ya shekara ba a yi amfani da shi ba, musamman bayan hunturu, yakan cika da ƙura. Hura shi ko ka share da busasshen burushi mai laushi, tele tana kashe. Ban da allura, ban da tsinken ƙarfe.

Kuskure biyu da ake yi a nan. Na farko, soka igiyar kwamfuta a ramin HDMI na bayan dekodar. Wannan ramin fita ne, kamar na kwamfutar, ba ya karɓar komai. A jikin tele igiyar za ta shiga kai tsaye. Na biyu, barin igiya tana rataye da nauyinta a bayan telen da ke manne da bango, kan ya lanƙwashe. A irin wannan yi amfani da ramin gefe.

Kafin ka tashi daga bayan tele, riƙe lambar ramin da ka soka a ciki. Ita ce za ka nema a mataki na gaba.

4. Zaɓar mashiga a tele

Ɗauki telekomandin tele, ba na dekodar ba. A nan ne aka fi ɓata lokaci, domin a gidaje da yawa na dekodar ne kullum a hannu, na telen kuwa ya daɗe a cikin durowa ba batir. Na dekodar tashoshi yake canzawa, yawancinsu ba sa canza mashigar tele.

Nemi maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input. A wasu ƙananan teloli TV/AV aka rubuta. A wasu kuma babu rubutu, sai zanen akwati da kibiya tana shiga cikinsa, ko zanen kan igiya. Danna shi sau ɗaya, jeri zai fito a allo: TV, AV, HDMI 1, HDMI 2, USB da sauransu. Yi amfani da kibiyoyin sama da ƙasa ka kai kan lambar ramin da ka soka, sannan ka danna OK.

Danna OK ɗin wajibi ne a teloli da yawa. Mutum ya kai kan HDMI 2 ya tsaya yana jira, jerin ya ɓace, tele ta koma inda take. Bayan ka danna kuma, ba ta daƙiƙa biyar zuwa goma. A wannan ɗan lokacin tele tana gaya wa kwamfuta girman hoton da take iya nunawa, allon yakan yi baƙi ya dawo. Mai gaggawa yakan wuce mashigar da ta dace kafin hoton ya fito, ya zagaye jerin sau uku yana cewa babu.

A wasu teloli mashigar da ke da abu a kunne takan fito da haske, sauran su dusashe. Wannan alama ce mai amfani: idan HDMI 2 ta yi haske, tele ta ji kwamfutar. Wasu kuma an sauya wa mashigar suna, maimakon HDMI 2 ka ga PC ko sunan wata na'ura, sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ramin da aka rubuta wa HDMI ARC shi ma yana karɓar hoton kwamfuta, sai dai idan akwai na'urar sauti a gidan a bar mata shi.

Idan telekomandi ya ɓace, laluba gefen tele ko ƙarƙashin tambarinta. Akwai maɓallai ko ɗan ƙaramin maɓalli guda mai motsawa ta ko'ina, kuma a ciki akwai na Source.

5. Gaya wa kwamfuta abin da za ta tura

Sau da yawa Windows da kanta take tura hoton da zarar an haɗa. Idan ba ta yi ba, ko ta tura ba yadda kake so ba, riƙe maɓallin mai tambarin Windows ka danna P:

```
Windows + P
```

Zaɓi huɗu za su fito a gefen dama. PC screen only ko Écran du PC uniquement yana hana tele samun komai. Duplicate ko Dupliquer yana nuna abu ɗaya a allon biyu. Extend ko Étendre yana mai da tele allo na biyu mai zaman kansa. Second screen only ko Deuxième écran uniquement yana kashe allon kwamfuta ya bar tele kaɗai. A gwajin farko zaɓi Duplicate, domin da shi ne za ka gane nan take ko haɗin ya yi.

Extend ne ke rikita mutane. Tele ta nuna hoton bangon kwamfuta, amma babu gumaka, babu bidiyon da aka buɗe, sai a ɗauka rabin sigina ce ta iso. Haɗin ya yi daidai. Telen ta zama kamar ƙarin fili a gefen dama na allonka. Kama tagar bidiyon da linzami ka ja ta dama har ta fice daga allon kwamfuta, za ta ɓullo a tele. Ga malami ko mai gabatar da jawabi wannan ya fi, tunda jama'a suna ganin abin da ya tura musu, shi kuma yana duba bayanansa a nasa allon.

Gargaɗi kan Second screen only: kada ka zaɓe shi kafin ka ga hoto a tele. Idan mashigar ba daidai take ba, allon kwamfuta zai mutu, tele ba ta nuna komai ba, ka zauna a duhu. In hakan ta faru, zare igiyar, allon zai dawo.

Tsofaffin kwamfutoci suna da maɓallin wannan aiki a layin sama, mai zanen allo biyu: yawanci F4 a HP, F8 a Dell, F7 a Lenovo ThinkPad, wani lokaci tare da Fn. Mai Mac ya shiga System Settings, sannan Displays.

6. Sauti

HDMI yana ɗaukar hoto da sauti a igiya ɗaya, amma Windows ba kullum take mayar da sautin can ba. Idan hoto yana tele, murya tana fita a kwamfuta, danna alamar lasifika kusa da agogo, ka buɗe jerin inda sauti ke fita, ka zaɓi telen. Ba lallai ka ga kalmar tele ba, sunan kamfaninta ko lambar samfurinta ne zai fito, wani lokaci tare da HDMI ko Display Audio.

Idan ba ta cikin jerin, danna Windows + R ka rubuta:

```
mmsys.cpl
```

A shafin Playback ko Lecture, danna dama a fili, ka sa alama a Show Disabled Devices ko Afficher les périphériques désactivés. Idan telen ta ɓullo, danna dama a kanta ka kunna ta, ka mai da ita ta dindindin. Bidiyon da aka buɗe tun kafin a soka igiya yakan ci gaba da fitar da murya ta tsohuwar hanya, rufe shi ka sake buɗewa. Ka tuna ƙarfin murya wuri uku yake: a manhajar bidiyon, a Windows, da telekomandi.

7. Daidaita hoto

Abu biyu ne ke faruwa a nan. Na farko, gefunan hoto sun shige, ba a ganin layin ƙasa na Windows gaba ɗaya. Telen ce ke ɗan faɗaɗa hoto, ɗabi'ar da ta gada daga zamanin tashoshin eriya. A tele ake gyara shi, ba a kwamfuta ba: shiga saitin hoto, nemi girman hoto ko Aspect Ratio, ka zaɓi Just Scan a LG, Screen Fit ko Fit to Screen a Samsung. A sauran, gwada zaɓuɓɓukan har layin ƙasa ya fito duka.

Na biyu, rubutu ya yi dishi-dishi ko hoton bai cika allo ba. Ɗauki misalin da ake yawan gani: kwamfuta mai allon inci 15 da ke nuna 1366 x 768, an haɗa ta da tele mai inci 43 da ke nuna 1920 x 1080, dekodar a HDMI 1, kwamfuta a HDMI 2. A Duplicate, dole allon biyu su nuna girma ɗaya, sai Windows ta tsaya a 1366 x 768, tele ta ja hoton ya cika inci 43. Fim zai kallu, amma rubutu zai yi laushi. Maganin shi ne a koma Extend ko Second screen only, a danna dama a kan bangon allo, a shiga Display settings ko Paramètres d'affichage, a danna akwatin mai lamba 2, a sa 1920 x 1080. Nan take rubutun zai fito tsaf. Idan ya yi ƙanana ga na bayan ɗaki, kada a rage wannan lambar, a ɗaga Scale ko Mise à l'échelle zuwa 150%. Teloli masu inci 32 da yawa su ma 1366 x 768 ne, a nan Duplicate bai rage komai ba.

Idan linzami yana jan ƙafa a tele, kunna Game Mode ko Mode Jeu a saitinta.

8. Idan har yanzu babu hoto

Fara da karanta abin da tele ta rubuta. No Signal ko Pas de signal ko Aucun signal na nufin mashigar da take kallo babu abin da ke shigowa. Duba lambar rami da lambar da ka zaɓa, sannan Windows + P, sannan ka sake zare kawunan biyu ka soka da kyau. Idan ta rubuta Mode Not Supported ko makamancinsa, sigina ta iso, girman hoton ne ya fi ƙarfinta, sai ka saukar da shi zuwa 1280 x 720 ka hau a hankali.

Don gano inda laifin yake, dekodar gidan ita ce ma'auninka. Zare igiyarta daga bayanta, ka soka wannan kan a kwamfuta, ka bar tele a HDMI 1 inda take aiki kullum. Idan hoto ya fito, kwamfutarka lafiya lau, laifin yana sabuwar igiya ko ramin HDMI 2. Sai ka gwada sabuwar igiyar da dekodar a HDMI 1: ta yi aiki, ramin na biyu ne ya mutu, ta ƙi, a mayar wa mai shago. Idan kuwa kwamfutar ta ƙi nunawa ko da igiyar dekodar, shiga Display settings ka danna Detect ko Détecter, ka kuma gwada wannan, wanda ke sake tayar da direban hoto, wato manhajar da ke tafiyar da ɓangaren hoto na kwamfuta:

```
Windows + Ctrl + Shift + B
```

Allon zai ƙifta sau ɗaya. Kwamfutar da aka sake sa wa Windows a wajen mai gyara wani lokaci ba a sa mata direban katin hoto ba. Za ka gane idan a Device Manager ko Gestionnaire de périphériques ka ga Microsoft Basic Display Adapter a maimakon Intel, AMD ko NVIDIA. Da wannan direban ramin HDMI yakan ƙi fitar da komai har sai an sa na ainihi.

Hoton da ke zuwa yana ɗaukewa, ko ɗigo-ɗigon fari masu ƙyalli a allo, alamar igiya ce, ko ta yi tsawo ko wuyanta ya fara karyewa. Motsa ta a hankali kusa da kai, idan hoton ya yanke ka kama ta.

9. Lokacin kallo da bayan an gama

Rufe murfin kwamfuta yana sa ta barci, hoton tele ya ɗauke. Mai son rufewa ya shiga saitin wuta na Control Panel ko Panneau de configuration, a wurin abin da rufe murfi ke yi ya zaɓi Do nothing ko Ne rien faire. A zafin watan Afrilu da Mayu dai gara a bar murfin a buɗe, kwamfutar a kan tebur ba kan katifa ba, don ta samu iska.

Idan aka ɗauke wuta, kwamfuta za ta ci gaba da batir, tele ta mutu. Da wutar ta dawo, wasu teloli suna komawa mashigar TV ko HDMI 1, sai an sake danna Source. Da damina kuma, da hadari ya taso da tsawa, zare igiyar HDMI daga kwamfutar, domin abin da ya bi ta wayar kwano ya shiga dekodar yana iya ratsa tele ya iso gare ta.

Da an gama, kama kan igiyar ka zare a miƙe, kada ka fizgo ta jiki. Sannan ka mayar da tele HDMI 1 kafin ka ajiye telekomandi, in ba haka ba mai kunna ta da safe zai tarar da No Signal ya ɗauka dekodar ce ta lalace.